Darasi na Bakwai: Gwada Takardar Banki da Littafin Ciniki Kafin Neman Rancen Jari

Rancen jarin juyawa shi ne kuɗin da ɗan kasuwa ke karɓa don ya saro kaya, ya sayar, ya biya cikin 'yan watanni. Kafin banki ya ba da shi, yakan nemi takardar bayanin asusun kasuwancinka, wadda aka fi sani da sitatimen, galibi ta wata 6 zuwa 12. Ma'aikacin banki zai ɗora ta kusa da littafin cinikinka da rasitanka, ya ga ko bakinsu ɗaya. In ya ga gibi, zai tambaye ka. Wannan darasi zai koya maka yadda za ka riga shi ganin gibin, ka kuma san dalilinsa.

Abin da za ka tanada

Ka kawo sitatimen, da littafin ciniki, da littafin bashi, da kwafin daftarin da kake ba masu saye, da wanda dilolinka ke ba ka, da rasitan POS. Ka riƙe fensir, domin za a yi goge-goge. Wata ɗaya ake ɗauka a gama da shi kafin a shiga wani.

A saman sitatimen za ka ga an rubuta Date, wato kwanan wata, da Narration, wato bayanin wanda ya turo ko inda kuɗin ya tafi. Sai Debit, kuɗin da ya fita, da Credit, kuɗin da ya shigo, da Balance, abin da ya rage. Layin Credit shi ne za mu fi zama a kai, don shi banki ke dubawa ya auna ƙarfin cinikinka.

Misali: watan Maris a shagon kayan masarufi

A ɗauka wani mai sayar da shinkafa da mai da taliya a kasuwar Singa ta Kano. Littafinsa ya nuna cinikin naira 3,200,000 a watan Maris. Da ya tara layin Credit na watan, sai ya sami naira 2,929,800. Ba abin tayar da hankali ba ne, don da wuya waɗannan biyun su zo daidai tun farko.

Matakin farko shi ne ware kuɗin da ya shigo amma ba na ciniki ba ne. Ya bi layin ɗaya bayan ɗaya, sai ya ga naira 200,000 ta kwasar adashinsa. Ya kuma ga naira 80,000 da aka rubuta Reversal a gefenta: kuɗin da ya tura wa dila ne bai tafi ba, banki ya maido. Ya kewaye su biyun da fensir, ya cire naira 280,000. Saura naira 2,649,800. Wannan ne kuɗin ciniki na gaskiya da ya shiga banki.

Mataki na biyu, ya koma littafinsa da tambaya ɗaya: a cikin naira 3,200,000 ɗin nan, nawa ne ya kamata a ce ya isa banki a Maris? Littafin bashi ya nuna an ɗauki kayan naira 400,000 ba a biya ba tukuna, ya cire. Cikin tsabar kuɗin da aka karɓa a shago, an biya wani dila da 'yan dako naira 300,000 hannu da hannu, ba ta taɓa shiga banki ba, ya cire. Cinikin POS na yammacin 31 ga wata, naira 60,000, sai 1 ga Afrilu ya faɗa asusu, ya cire. Kamfanin POS ya zare ladansa naira 2,200 kafin ya zuba kuɗin, ita ma ya cire. Sannan ya ƙara naira 250,000 da wani kwastoma ya biya a Maris ta bashin Fabrairu. Lissafi ya tsaya a naira 2,687,800.

Yanzu ga lambobi biyu da za a iya gwadawa: littafi ya ce 2,687,800, banki ya ce 2,649,800. Gibin naira 38,000 ne.

Neman gibin

Nan ne aikin ke buƙatar haƙuri. Ya ɗauki kowane daftari da aka rubuta an biya ta tiransifa, ya nemo takwaransa a sitatimen. Idan ya samu, sai ya yi alama a duka biyun, ya rubuta lambar daftarin a gefen layin banki. Ya fara duba adadin kuɗin, sannan kwanan wata, suna shi ne na ƙarshe. Suna yakan ruɗar da mutum, domin mai saye yakan turo daga asusun matarsa ko ta hannun mai POS na unguwa. Wani kuma yakan haɗa kuɗin daftari biyu ya turo gaba ɗaya, wani ya raba ɗaya gida uku.

Da ya gama, daftari ɗaya ya rage babu alama: na ranar 18 ga wata, katan-katan na taliya, naira 38,000. Ya tambayi yaron shagonsa. Ashe ranar sabis ɗin bankin ya tsaya, sai yaron ya ba mai sayen lambar asusun kansa, kuɗin kuma suna can. Aka maido su asusun shago, aka rubuta bayanin a gefen littafi. Da a ce babu kuɗin ko'ina, abin da za a fara zargi shi ne alat na bogi, shi ya sa ba a sakin kaya sai an ga Balance ya ƙaru.

Ga wata dabara ta masu lissafi: in aka raba gibin gida 9 babu saura, duba ko an juya lamba wajen rubutu. Wanda ya rubuta 54,000 maimakon 45,000 zai ga gibin 9,000.

Layin Debit ma haka ake binsa da daftarin diloli. Ƙananan kuɗin da banki ke cirewa, na saƙon alat da na kula da asusu, a tara su wuri ɗaya a shigar da su littafi a matsayin kashewa.

Abin da za ka kai banki

A kowane wata ka rubuta takarda ɗaya mai nuna jimlar ciniki, da abin da aka cire da dalilinsa, da abin da aka ƙara, da jimlar da ta shiga banki. Ka liƙa mata rasitan da ke tabbatar da ita. Ka lura da naira 300,000 ɗin nan da aka kashe daga aljihun shago. Ciniki ne na halal, amma banki bai gan shi ba, kuma in babu rasit ɗin dila ba zai lissafa maka shi ba. Don haka ya fi kyau ka riƙa zuba tsabar kuɗin a asusu, ka biya dila daga can.

Kada ka yarda da mai ce maka ka riƙa shigar da kuɗi kana fitarwa don asusu ya yi nauyi, ko mai cewa zai gyara maka sitatimen. Ma'aikatan rance sun saba ganin kuɗin da ya shigo da safe ya fita da yamma zuwa wuri guda, kuma sukan tabbatar da takardar daga bankin da ya bayar da ita. Ko da dabarar ta wuce, za a ba ka bashin da ya fi ƙarfin cinikinka.

Aikin gida

Littafin wata mai sayar da atamfa ya nuna cinikin naira 900,000. Ana bin mutane bashin naira 150,000 daga ciki, ta kuma biya kuɗin haya naira 50,000 daga tsabar kuɗin shago. Jimlar Credit naira 780,000 ce, a ciki akwai naira 100,000 da ɗan'uwanta ya turo mata ta hidimar biki. Nawa ne gibin, kuma wace takarda za ta fara dubawa?