Kalmomin "a" da "the" a imel ɗin Turanci: gwajin "wanne?"

Jama'a, in kuna gyara imel na abokin aiki mai yaren Rashanci ko Japananci, yaren da babu kalmomi irin "a" da "the" a cikinsa, ga dabarar da nake amfani da ita. Duk sunan abu guda ɗaya da ake iya ƙirgawa, ku tsaya a kansa ku tambaya, shin mai karantawa ya riga ya san wanne ake nufi? In bai sani ba, "a" ne, in ya sani, "the" ne, kamar dai bambancin "wani fayil" da "fayil ɗin" a wajenmu.

Misali ya rubuta "I attached file, please check file", to ambaton farko sabo ne don haka "a file", na biyu kuwa an san shi, ya zama "the file".

Matsalar da ta fi ba ni wahala ita ce bayan an yi musu gyara sai su dinga liƙa "a" ko "an" ko "the" ko'ina, ka ga "an information" ko "an advice", alhali waɗannan ba a ƙirga su, cire an ɗin kawai ko ka sa "some". Haka "on the Monday" in Litinin mai zuwa ake nufi, "on Monday" ya wadatar.