Avansin wata bashi ne, ku riƙa lissafinsa

'Yan'uwa masu sayar da kaya a kan kamasho a Garwa da Marwa, kuɗin da kamfani ke ba ku farkon wata bashi ne, daga kamashonku za a cire shi.

A ce ana ba ka sefa 60,000 duk wata. Watan farko kamashonka ya tsaya 40,000, to ana bin ka 20,000. Wata na biyu kasuwa ta buɗe ka yi 95,000. Za a zare 60,000 na wannan watan, a zare 20,000 na baya, abin da za a ƙara maka 15,000 ne kawai. A nan mutane ke ihun an cuce su, alhali tsohon bashi ne ya biyo su.

Kafin ka sa hannu, tambayi abu biyu, a rubuta maka amsar. Na farko, ragowar bashin yana tsallakawa wata na gaba, ko ana yafe shi? Idan ka ajiye aikin, za a bi ka? Na biyu, kamashon yana shiga ranar ciniki ne, ko sai mai saye ya biya? Wannan ya fi damuna, domin mai ba 'yan shago kaya bashi zai yi ta ciniki amma avansi na taruwa a kansa. Duk ƙarshen wata ka karɓi takardar lissafi ka gwada da littafinka.