Yadda ake zaɓen debit sifred maimakon sayen kol shi kaɗai

Matasan da nake gani a nan Katsina suna cinikin opshan na hannayen jarin Amurka ta waya, kusan duk wuri ɗaya suke faɗuwa. Mutum ya yi hasashen hannun jari zai tashi, ya sayi kol, wato kwangilar opshan da ke ba shi damar sayen hannun jarin a farashin da aka yi yarjejeniya kafin wani wa'adi, hannun jarin kuma ya tashi ɗin, amma ranar cikar wa'adi sai ya tarar da asara. Dalili shi ne kuɗin da aka biya wa kol kamar kafin alƙalami ne da ba a mayarwa: sai farashi ya tashi ya rufe shi tukuna a fara maganar riba. Debit sifred, wato ka sayi kol ɗaya ka sayar da wani mai farashin yarjejeniya da ya fi shi sama, na rage wannan kuɗin, amma yana yanke riba daga sama. Ga yadda za ka auna biyun.

Kafin mu shiga lissafi, maganar hukunci. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi ta yanke a 1992 cewa opshan, yadda ake cinikinsa a kasuwannin yau, bai halatta ba. Ka je wa malaminka da wannan kafin ka sa ko sisi.

Mataki na farko, rubuta abu biyu a takarda: farashin da kake ganin hannun jarin zai kai, da lokacin da zai kai. In ba ka da amsar waɗannan, ajiye wayar. Mu ɗauki misali da alƙaluman da na tsara don bayani kawai. Hannun jari yana dala 100, kana ganin zai kai 110 cikin wata ɗaya da rabi.

Na biyu, buɗe jerin opshan na wa'adin kwana 45. A ce kol mai farashin yarjejeniya 100 ana sayar da shi dala 5, kol na 110 kuma ana sayensa dala 1.80. Kwangila ɗaya hannun jari 100 ce. Saboda haka kol shi kaɗai zai ci maka dala 500. Sifred kuwa shi ne ka sayi na 100 ka sayar da na 110 a wa'adi ɗaya, sai 180 da ka karɓa ta rage maka 500, abin da zai fita aljihunka ya zama dala 320. Wannan shi ne iyakar asararka muddin ƙafafun biyu, wato kol ɗin da ka saya da wanda ka sayar, suna tare.

Na uku, nemo inda uwar kuɗi take dawowa. Ga kol, haɗa farashin yarjejeniya da abin da ka biya: 105. Ga sifred, haɗa farashin ƙasa da abin da ya fita aljihu: 103.20. Tazarar tana da ƙanƙanta a ido, amma dubi abin da ke faruwa in hannun jarin ya tsaya a 104 ranar wa'adi. Mai kol ya yi asarar dala 100 duk da farashin ya tashi, mai sifred ya ci dala 80. In ya kai 110, mai kol yana da ribar 500, mai sifred 680. Wannan 680 ɗin ita ce ƙololuwa, wato tazarar dala 10 a cire 3.20, kuma ko farashi ya kai 150 ba za ta ƙaru ba.

Mataki na huɗu shi ne wanda masu koyo suke tsallakewa, kuma a wurina shi ke yanke magana: a wane farashi kol zai wuce sifred? Ɗauki farashin sama ka ƙara masa kuɗin da ka karɓa, 110 da 1.80, ya zama 111.80. Ƙasa da nan, ranar wa'adi, sifred ne a gaba a kowane farashi, har ma in kasuwa ta faɗi, domin asarar 320 ta fi ta 500 sauƙi. Sama da nan kol ya tsere. A 120 ribarsa dala 1,500 ce. To tambayi kanka tsakani da Allah, kana tsammanin tashin da ya kusa kashi 12 cikin 100 a wata ɗaya da rabi? In a'a, ƙarin dala 180 da za ka biya wa kol ka biya ne don ribar da kai kanka ba ka sa ran gani.

Daga nan ake gane inda za a ajiye ƙafar sama. Ni a kan farashin da na rubuta a takarda nake ajiye ta. Idan ka matso da ita 105 don neman araha, ka yanke ribarka tun kafin hasashenka ya cika. Idan ka tura ta 125, abin da za a ba ka bai taka kara ya karya ba, ka ɗaure kanka a banza. Ƙa'idata ita ce, in ƙafar da zan sayar ba ta rage mini aƙalla kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin kol ba, ban yin sifred.

Akwai kuma abin da lissafin ranar wa'adi yake ɓoyewa, shi ne sauri. A ce cikin mako guda hannun jarin ya yi tsalle zuwa 110. Za ka buɗe waya kana jiran ganin 680, sai ka ga ribar wajen 300. Ba dillali ne ya cuce ka ba. Kol ɗin da ka sayar shi ma ya yi tsada, ya koma wajen dala 5, kuma sai lokaci ya ci shi sannan ribarka ta cika. A wannan makon mai kol shi kaɗai ya riga ya wuce 600. Saboda haka in tashin gaggawa kake hange, kol ya fi dacewa. In tashi a hankali zuwa wani farashi sananne ne, sifred.

Sai kuskuren da ya fi ba ni takaici. Mutum ya ga sifred ya fi araha, sai ya sayi biyu. Yanzu dala 640 ce a cikin haɗari, ta wuce 500 ɗin da ya gudu. Ga wanda ya canza naira zuwa dala da guminsa, rarar 180 ta zauna a asusu.

Wajen shigar da oda, zaɓi `Vertical` ka tura ƙafafun biyu a oda ɗaya, da `Limit` a kan `Net Debit`. Fara daga tsakiyar `Bid` da `Ask`, wato farashin masu saye da na masu sayarwa, ka ƙara kaɗan-kaɗan in ba a cika ba. Kada ka yi amfani da `Market`. Ka tuna yawancin dillalai kan kowace kwangila suke cajin lada, sifred kuma biyu ne shiga, biyu fita. Galibinsu kuma ba sa barin ka yi sifred sai da asusun majin, wato wanda dillali ke iya ba ka rance a cikinsa, da ƙarin izini.

Fita ma a oda ɗaya. Kada ka sayar da kol na 100 ka bar na 110 a buɗe, domin daga nan asara ba ta da iyaka. Kuma kada ka kai shi daren ƙarshe. Kasuwar New York tana rufewa ƙarfe 9 na dare agogonmu, ko 10 daga Nuwamba zuwa Maris. In farashi ya rufe a 106, za a zartar da kol ɗinka kai tsaye, na 110 ya mutu, ka wayi gari da hannun jari 100 da ake binka dala 10,000, ko dillali ya rufe maka a farashin da ya samu. Ni ina rufewa da saura mako guda, ko da zarar riba ta kai wajen dala 500 cikin 680. In kamfanin zai raba riba kafin wa'adi kuma farashi ya haura 110, rufe kafin ranar da ake yanke masu cin rabon, domin a jajibirinta ne aka fi zartar da kol ɗin da ka sayar tun wa'adi bai cika ba.