Dutsin-Ma, Kusugu da Gidan Mutum Ɗaya: kurakuran da aka fi yi wajen karanta sunayen garuruwa

Yawancin sunayen garuruwanmu da unguwanninmu kalma biyu ce aka haɗa. Ta farko tana faɗin abin da aka tarar a wurin ko abin da aka fara kafawa, dutse ne ko rijiya ko kasuwa ko gida. Ta biyu tana faɗin na wa ne, ko wane iri ne. A tsakaninsu kuma akwai ɗan harafin nan mai ɗaure su, n ga namiji da jam'i, r ga mace. Birnin Kuka, Kafin Soli, Rafin Daɗi, Rijiyar Kusugu, Ƙofar Sauri. Wanda ya riƙe wannan tsari ya yi rabin aiki. Sauran rabin shi ne ya daina gaggawa, domin kusan duk kuskuren da ake yi daga gaggawa yake fitowa.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne yarda da allo fiye da baki. Rubutun da ke kan allunan hanya da taswira ya samo asali ne daga zamanin Turawa, kuma sau da yawa an jefar da harafin ɗauri ko an sauya shi. Shi ya sa za ka ga Ungwan ko Angwan a inda Bahaushe ke cewa Unguwar, ko Kasuwan Magani a kan takarda alhali kasuwa mace ce a daidaitacciyar Hausa, Kasuwar Magani ke nan. Haruffa masu lanƙwasa ma sun tafi: Ɗan Musa ya koma Dan Musa, Ƙofar Durɓi ta koma Kofar Durbi. Gyaran mai sauƙi ne. Kafin ka fassara suna, ka saurari yadda 'yan garin ke furta shi, sannan ka mayar masa da abin da allo ya cinye.

Amma a nan akwai wani tarko ta ɗaya gefen. Wasu masu son gyara sukan wuce gona da iri, su ce Dutsin-Ma kuskure ne, Dutsen Ma ya kamata a rubuta. Ba haka ba ne. A bakin Katsinawa kalmar dutsi ce, ba dutse ba, don haka idan an ɗaura mata n sai ta ba da dutsin. Dutsin Safe da ke cikin Katsina ma haka yake. Haka kuma idan ka ji tsoho a ƙasar Daura ya ce Unguwal wane, ba ɓata Hausa ya yi ba, karin harshensa ne ya sa l a gurbin r. Wannan bambanci har amfani yake yi, domin shi ke raba Dutsi, ƙaramar hukuma a jihar Katsina, da Dutse, babban birnin jihar Jigawa tun 1991. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, amma wanda ya rikita su a kan takardar aika saƙo ya aika kayansa wata jiha.

Mu tsaya kan Dutsin-Ma mu warware shi daki-daki. Ana rubuta shi iri uku: Dutsinma, Dutsin Ma, Dutsin-Ma. Wanda ya fara cin karo da na farkon yana iya ɗaukar sa kalma ɗaya ce marar ma'ana, ko ya ɗauki ma ɗin ƙarshe a matsayin ma ta "ni ma, kai ma". Mataki na farko shi ne neman gaɓa: ina n ko r take? Tana bayan dutsi. To abin da ke gabanta shi ne kan suna, kuma namiji ne, ya dace da n. Mataki na biyu, mene ne Ma? A nan nahawu ya ƙare aikinsa, sai tarihin baka. Abin da mutanen garin ke faɗa shi ne Ma sunan wani maharbi ne da ya zauna a kan dutsen, sai aka riƙa cewa dutsin Ma, har sunan ya rufe garin da ya taso a gindinsa. Mataki na uku, a duba ƙasa: akwai dutsen? Akwai shi, ana ganinsa. Suna, labari da ƙasa sun yi daidai. Yau garin yana da jami'ar tarayya da aka kafa a 2011, ga madatsar ruwa ta Zobe kusa da shi, amma sunan bai san da waɗannan ba. Ya tsaya kan dutse da maharbi.

Wannan ya kai mu ga kuskuren da ya fi ɓatar da baƙi: ɗaukar suna a matsayin bayanin yadda wuri yake yau. Suna yana faɗin farkon wuri ne. Gidan Mutum Ɗaya, a kan hanyar Katsina zuwa Kano, gari ne mai jama'a da hada-hadar motoci, ba gida ɗaya ba. Sabon Garin Kano ya haura shekara ɗari, tun wajen 1913 yake, kuma har gobe sabo ne a baki. Saboda haka idan ka ga gida, ko unguwa, ko tunga, ko ruga a farkon suna, kada ka auna girman wurin da shi. Abin da zai gaya maka shi ne yadda aka fara zama. Gida mutum ɗaya ne da iyalinsa suka sari daji. Ruga Fulani ne da shanunsu. Birni kuwa ba yawan jama'a yake nufi ba, ganuwa yake nufi, don haka akwai birane a suna waɗanda yau ba su kai wata unguwa ta Katsina girma ba. Kafi shi ma kariya ce, amma ta itace da aka kakkafa a kewaye gari, ba ta ƙasa ba. Kafin Soli da Kafin Dangi a ƙasar Kankiya suna ɗauke da tunawa da zamanin da ba a kwana a fili. Ina jin takaici idan na ji yaro ya karanta wannan kafin kamar kafin na "kafin gobe".

Dutse da tudu ma ana cakuɗa su. Dutse abu ne mai tauri da ake hawa ko a fasa. Tudu kuwa ƙasa ce da ta ɗaga, wadda ruwa ba ya kwanciya a kanta, kishiyar kwari da fadama. Wanda ya je Tudun Wada yana neman tsauni zai dawo bai gani ba. Sunan ma ya zama na fata, ana raɗa wa sabuwar unguwa don neman albarka, shi ya sa ake samun sa a garuruwa da yawa. A Zariya, Tudun Wada unguwa ce da ta taso a wajen ganuwa a zamanin Turawa, inda baƙi 'yan Arewa suka zauna.

Kasuwa ita ce ta fi iya ɓuya, domin sau da yawa kalmar ba ta fitowa ko kaɗan. Akwai masu faɗin kansu kai tsaye, kamar Kasuwar Daji a Zamfara. Amma dubi Talata Mafara. A allo kamar sunan mutum biyu ne aka jera. A baki kuwa Talatar Mafara ce, wato kasuwar Mafara mai ci ranar Talata. Da zarar an mayar da r ɗin, ma'ana ta fito. Haka Lahadin Makole da Larabar Abasawa a ƙasar Kano. Duk inda ka ga sunan rana ɗaure da sunan wuri, ka nemi kasuwa.

Zango ba kasuwa ba ne, ko da yake kasuwa takan biyo shi. Zango wurin da ayarin fatake ke sauke kaya su kwana ne, su shayar da jakuna da raƙuma, da safe su ɗaura. Sunan Zangon Daura da Zangon Kataf yana nuna hanyar fatauci ce ta ratsa ta nan, kuma fataken Hausawa sun kai kalmar har Gana, inda ake kiran unguwanninsu da ita. Tasha da mararraba 'yan baya ne a wannan layi, na zamanin mota, kamar Mararrabar Ƙanƙara.

Sai 'yan. Gaskiya ne 'yan da sunan haja yakan nuna masu sayar da ita, kamar 'yan goro ko 'yan hatsi a cikin kasuwa, har sunan ya zama na unguwa. Amma ba ko'ina ba. Ƙofar 'Yanɗaka a Katsina ba ta da alaƙa da wata haja, 'Yanɗaka sarauta ce, kuma mai riƙe da ita shi ne hakimin Dutsin-Ma. Haka Ƙofar Ƙaura ba ƙofar masu ƙaura daga gari ba ce. Ƙaura babban basarake ne na yaƙi, hakimin Rimi a yau. Durɓi, hakimin Mani, da Marusa su ma sarautu ne. Wanda bai san sarautun Katsina ba zai fassara ƙofofinta a karkace, komai ƙwarewarsa a Hausa.

Game da rijiya, kuskuren shi ne zaton cewa kalma ta biyu kullum sunan wanda ya haƙa ta ne. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuma itacen da ke bakinta ne, ko dabbar da aka gani, ko ɗanɗanon ruwan. Rijiyar Kusugu ta Daura ta fita daban: Kusugu sunan rijiyar ne kanta, wadda labarin Bayajidda ya ce maciji yana hana ɗiban ruwanta sai ranar Juma'a, har baƙon ya kashe shi ya auri sarauniya Daurama. Rijiyar tana nan an gina ɗaki a kanta, kuma yankin da take ciki ana kiran sa Kusugu kawai. Kalmar rijiya ta faɗi, suna ya tsaya shi kaɗai. Baƙon da ya ga Kusugu a jerin mazaɓun Daura ba abin da zai nuna masa ruwa ne tushen sunan, sai ya tambaya.

A tambayar ma akwai yadda ake yi. Kada ka je wa dattijo da fassararka a hannu ka ce, "Baba, ba daga kaza sunan nan ya fito ba?" Don kunya da karamci zai iya ce maka haka ne. Ka ce, "Baba, wa ya fara zama a nan, me ya tarar?" ka bar shi ya yi bayani. Sannan ka tambayi gidan mai unguwa daban, gidan liman daban, in akwai tsohuwar da aka haifa a garin ita ma ka ji nata. In ya yiwu a kai ka ka ga dutsen, ko rijiyar ko da ta rufta, ko kufan tsohuwar kasuwar. Idan labari biyu suka saɓa, ka rubuta duka biyun tare da gidan da kowanne ya fito.