Yadda Ake Rubuta Takardar Cinikin Masara Idan Ka Sayar Da Sari

Yawancin manoman da na ga sun yi asara a cinikin sari sun iya tsayawa kan farashi. A wajen ragi ake cin su. Mutum ya kai buhu sittin Dawanau ko ƙofar kamfanin abincin kaji, a sauke, sai a ce masa akwai danshi, akwai ruɓa, an cire kaza. Kaya sun riga sun shiga sito, ba shi da bakin magana. Saboda haka kai za ka rubuta takardar, kuma a gaban sikeli.

Kan takarda ba ya buƙatar dogon bayani: kwanan wata, sunanka, sunan mai saye, lambar mota, wurin da aka auna. Littafin rasit mai kabon ya isa, kada ka ɓata kuɗi wajen buga na musamman.

Kafin a ɗora komai a sikeli, ware kayanka. Lamba ɗaya gefe, lamba biyu gefe, kowanne da layinsa a takarda. Kuma ka rubuta dalilin da ya sa lamba biyu ta zama lamba biyu, misali “ƙananan ƙwaya, fara da ja a gauraye”. Za ka ga amfanin wannan nan gaba.

Kada ka rubuta “buhu 40” ka tsaya. Buhu ba ma'auni ba ne, wani ya haura kilo ɗari, wani bai kai ba. Rubuta adadin buhu, nauyin da sikeli ya nuna, sannan nauyin buhunan da babu komai ciki. Masu saye na son cire kilo guda a kowane buhu. Ka ce a ɗora buhu goma marasa komai a gani. A ce goman sun ba da kilo ɗaya da rabi. To lamba ɗaya buhu 40, sikeli ya nuna kilo 4,056, a cire 6, saura 4,050. Lamba biyu buhu 20, kilo 2,003, a cire 3, saura 2,000.

Yanzu ragin lalacewa, inda ake yanka mutane. Ku fara yarda da abin da mai saye zai yafe, a ce kashi 2 cikin ɗari, domin babu masarar da ke fitowa daga gona tas. Sai a huda buhuna da dama, kowace lamba daban, na sama da na tsakiya da na ƙasan lodi, ba wanda shi kaɗai ya nuna da yatsa ba. A haɗa, a auni kilo ɗaya, a baza a faranti. A tsince wadda ta yi fumfuna, wadda ƙwaro ya huda, tsakuwa da guntun totuwa, a auna su. Idan tsintar lamba biyu ta kai giram 60, kashi 6 ke nan. An yafe 2, saura 4. Kashi 4 na kilo 2,000 shi ne kilo 80, lamba biyu ta koma 1,920.

Lura da kyau, daga nauyin lamba biyu aka cire, domin a nan aka sami ruɓar. A ce kun daidaita lamba ɗaya naira 400 kilo, lamba biyu 350. Ta farko ta kama 1,620,000, ta biyu 672,000, jimla 2,292,000. Ragin nan naira 28,000 kawai ya ci. Da ka bar shi ya ce “a cire kashi shida” daga jimlar kuɗin kafin ragi, wato 2,320,000, da 139,200 sun tafi, har da masarar da ba ta da laifi.

Nan ne dalilin da ka rubuta ɗazu zai cece ka. In ruɓa ce ta sa aka mai da kaya lamba biyu, an riga an hukunta ka a farashi, ba za a sake cire kilo saboda ita ba. Sai dai a zaɓi ɗaya.

Danshi kuwa, ni ban yarda da cizon ƙwaya da haƙori ba idan kuɗi sun kai haka. In mai saye yana da na'urar gwaji, a rubuta abin da ta nuna da wanda aka yi sharaɗi, galibi kashi 13 ko 14 cikin ɗari. In ta haura, gara ka ƙara shanya da ka karɓi ragi.

Ƙasan takarda sai kafin alƙalami da ka karɓa, a ce 500,000, da kuɗin 'yan dako idan a kanka yake, 12,000. Ciko 1,780,000. La'adar dillali ma a faɗi wa zai biya. Sa ranar biya da lambar asusu, ka ƙara layi ɗaya: “Babu wani ragi bayan an sa hannu.” Ku sa hannu, dillali ya shaida, ka ba mai saye ta sama, ka riƙe ta kabon, ka ɗauki hotonta a waya kafin mota ta tashi.