Monita biyu, ɗaya garau ɗaya dishi-dishi: inda ake yin kuskure

Misalin da zan yi ta komawa kai shi ne wanda na fi gani: monita mai inci 27 ta 4K, wato 3840x2160, a gefenta kuma tsohuwa mai inci 24 da 1920x1080, duk a kan Windows. Mutum ya jona, sai ya ga rubutun babbar ya koma ƙanana kamar tururuwa, to abu na farko da hannu ke kaiwa shi ne ya rage rezolushan ɗinta wai don su zo daidai da ƙaramar. Nan fa aka fara ɓata lamarin.

Kowane skirin yana da adadin ɗigo, wato fiksel, da aka ƙera shi da su, ba sa ƙaruwa ba sa raguwa. In ka tura wa ta 4K hoton 2560x1440 dole ta miƙe kowane ɗigo ɗaya ya cika ɗaya da rabi, kuma ai babu rabin fiksel, sai dai ta shafa launi tsakanin maƙwabta, shi ya sa bakin haruffa ke zama kamar an goga da ɗanyen yatsa. Ka bar `Display resolution` a kan wanda aka rubuta wa `Recommended` a kowacce. Abin da za ka taɓa shi ne `Scale`. Shiga `Settings > System > Display`, danna akwatin monitar da kake nufi a sama tukuna sannan ka canza, don mutane da yawa suna ta canza na ɗayar ba su sani ba.

To nawa za a sa? Ta inci 27 tana da wajen ɗigo 163 a kowane inci, ta 24 kuma wajen 92. Raba 163 da 92, za ka samu kusan 1.77, kenan in ƙaramar tana kan 100% babbar ta zauna a 175%, girman rubutu zai zo kusan ɗaya a ido. Ni dai 150% na fi so saboda fili ya fi yawa, amma in na ja windo daga ƙaramar zuwa babbar sai ya ɗan tsuke, na saba. Abin da nake hana mutane shi ne `Custom scaling`, lambar da ka rubuta a wurin tana hawa kan dukkan skirin ne baki ɗaya, sai ka gyara ɗaya ka lalata ɗaya.

Ka kuma duba Win+P. In yana kan `Duplicate` dole su biyun su nuna hoto ɗaya da rezolushan ɗaya, babbar ce za ta sha wahala. Mayar da shi `Extend`.

Sai wanda ya fi ba da haushi: komai ya yi daidai amma wata manhaja guda in ka ja ta zuwa ɗaya skirin sai ta dushe. Ba laifin monita ba ne, kar ka fara zargin kebul. Tsofaffin manhajoji suna ɗaukar ma'aunin babban skirin, wanda aka zaɓa da `Make this my main display`, su zana kansu da shi, in suka koma wancan sai Windows ta miƙe su ko ta matse su kamar hoto. Yadda za ka gane, sunan da ke saman windon yana nan tangaran amma rubutun ciki ne ya ɓaci. Ka sa skirin da ka fi buɗe ta a kai ya zama `main display`, ka yi `Sign out` ka dawo, sau da yawa nan ma ya isa. In ta ƙi, danna dama a kan fayil ɗinta, `Properties > Compatibility > Change high DPI settings`, ka kunna `Override high DPI scaling behavior` ka gwada `System (Enhanced)`. Akwai kuma `Application`, rubutu zai fito tas amma wani lokacin maɓallan sai sun ƙanƙance har da kyar kake danna su. Kuma kar a bar windo rabi nan rabi can, ma'aunin skirin da ya fi yawa a ciki yake bi, ɗaya ɓangaren zai fito wani iri.

Kebul ma yana da nasa, sai dai alamarsa daban ce. HDMI 1.4 iyakarsa 4K a 30Hz, za ka ga kibiyar mawus tana tafiya da tsalle-tsalle, wani lokacin kuma don a kai 60Hz sai a rage bayanin launi, jan rubutu a kan baƙi ya riƙa fitowa a cakuɗe. Leƙa `Advanced display` ka ga Hz nawa take bayarwa, in 30 ne ka nemi DisplayPort ko HDMI 2.0, kuma sai ramin kwamfutar da na monitar duk sun iya, kebul kaɗai ba zai yi ba.