Darasi: Juya Takarda Daga Hagu Zuwa Dama Domin Rubutun Larabci

Rubutun boko yana tashi ne daga hagu, na Larabci da na ajami kuma daga dama. Mai koyon buga takarda a kwamfuta yakan ɗauka cewa idan ya tura rubutu ya jingina da gefen dama, aiki ya ƙare. Ba haka ba ne. Jinginar da rubutu daban, juya alƙiblarsa daban, kuma yawancin ɓarnar da ake gani a takardun Larabci daga haɗa waɗannan biyun take fitowa. Za mu yi darasin da manhajar Word a kan Windows, mu ɗauki sanarwa mai shafi ɗaya wadda ke da kanu, sakin layi biyu, jerin sharuɗɗa da ɗan jadawali.

Shirin farko

Maɓallan juya alƙibla ba sa fitowa sai Word ta san za a yi aiki da Larabci. Shiga File, sai Options, sai Language, ka ƙara Arabic cikin harsunan rubutu, sannan ka rufe manhajar ka sake buɗewa. A sashen Paragraph da ke ƙarƙashin Home za ka ga sababbin maɓallai biyu, kowanne da alamar ¶ da ɗan kibiya. Wanda muke nema shi ne Right-to-Left Text Direction. Ka kuma ƙara kibod ɗin Larabci a saitin harshe na Windows. Da maɓallin Windows da Space ake sauyawa tsakanin kibod biyun, kuma sunan wanda ke aiki yana bayyana a ƙasan allo kusa da agogo. Ka saba da duban wurin nan, domin za ka buƙace shi.

Jingina da alƙibla

Idan ka danna Ctrl+R, layukan za su koma gefen dama, amma a wurin kwamfuta sakin layin yana nan a matsayin na boko: farkonsa hagu, ƙarshensa dama. Haruffan Larabci za su fito daidai, domin kowane harafi yana ɗauke da alƙiblarsa a jikinsa. Aya da sarari da baka ba su da alƙiblar kansu, abin da ke kewaye da su suke bi. Idan aya ta zo a ƙarshe, babu harafin Larabci a bayanta, sai ta tafi inda sakin layin ya ɗauka shi ne ƙarshe, wato dama. Shi ya sa ake ganin aya a farkon layi, gaban kalmar farko.

Akwai hanya mai sauƙi ta gane halin da takarda take ciki. Danna Ctrl+Shift+8 don ɓoyayyun alamomi su bayyana. Alamar ¶ tana zama ne a ƙarshen kowane sakin layi. In ka gan ta a hagun layin ƙarshe, an juya alƙibla. In tana dama, jingina kawai aka yi.

Juyawar kanta ba ta da wuya. Zaɓi rubutun, ka danna maɓallin da muka ambata, ko ka riƙe Ctrl ka taɓa Shift na hannun dama. Ctrl da Shift na hagu yana mayar da shi yadda yake. Sai dai a lura da abu guda da ke rikita masu koyo: sakin layin da aka riga aka tura dama da Ctrl+R, idan aka juya alƙiblarsa, yakan tsallaka ya koma hagu. Dalili shi ne Word ta riƙe cewa an jingina shi da ƙarshen layi, kuma yanzu ƙarshen layi ya zama hagu. Saboda haka a fara mayar da duk abin da aka tura dama zuwa hagu da Ctrl+L, sannan a juya, layukan za su koma dama da kansu. Kanun da ke tsakiya yana nan a tsakiya bayan an juya shi, ba ya buƙatar Ctrl+L.

Mun fi son a yi wannan gyara a cikin salon Normal maimakon bin sakin layi ɗaya bayan ɗaya. Danna-dama a kan Normal, zaɓi Modify, sai Format, sai Paragraph, ka sa Direction a Right-to-left. Duk sakin layin da ke kan wannan salo zai juya, har da wanda za a rubuta gobe. Sannan a sani cewa Ctrl+A jikin takarda kaɗai yake kamawa. Rubutun saman shafi da na ƙasansa, da akwatin rubutu, da bayanan ƙasa, sai an shiga kowannensu an juya shi daban.

Idan kana son layuka su cika gefe da gefe, bayan Justify na yau da kullum akwai Justify Low, Justify Medium da Justify High. Waɗannan suna jan haruffa ne su tsawaita su maimakon faɗaɗa sarari tsakanin kalmomi. Low ya wadatar ga sanarwa. High yana miƙe kalmomi har karatu ya yi nauyi.

Alamomin rubutu

Larabci yana da waƙafinsa ، da waƙafi mai ruwa ؛ da alamar tambaya ؟ kuma juya alƙibla ba ya mayar da na boko su zama waɗannan. Dole a buga su. A kibod ɗin Arabic (101), Shift+K yana ba da waƙafi, Shift+P waƙafi mai ruwa, Shift da maɓallin / kuma alamar tambaya. Aya da ruwa biyu da alamar motsin rai siffarsu ɗaya ce da ta boko. Idan takardar ta zo cike da waƙafin boko, a yi amfani da Ctrl+H a musanya, amma a riƙa danna Find Next ana dubawa ɗaya bayan ɗaya. Replace All zai ɓata waƙafin da ke cikin adadi irin 1,500 da na duk wata jimlar boko da ke ciki.

Wurin da ya fi ba da wahala shi ne inda kalmar boko ta faɗo a ƙarshen jimlar Larabci. Mu ɗauki wannan layi daga sanarwarmu, mai ma'anar “aiko da fayil ɗin a tsarin PDF”:

أرسل الملف بصيغة PDF.

Mai bugawa ya rubuta kalmomi uku da kibod ɗin Larabci, ya sauya zuwa na boko ya buga PDF, sai ya ɗora aya nan take ba tare da ya koma ba. Word tana riƙe da kibod ɗin da aka buga kowace alama da shi, don haka ta ɗauki ayar a matsayin wani ɓangare na rubutun boko, ta ajiye ta a daman F. Ga mai karanta Larabci, ayar ta shiga tsakiyar jimla ke nan, tsakanin kalma ta uku da PDF. Maganin shi ne a goge ayar, a koma kibod ɗin Larabci, a sake buga ta, za ta zauna a hagun P inda ya kamata. Kada a gwada gyarawa ta hanyar buga ayar kafin kalmar don ido ya ga daidai. Da zarar an kwafi layin zuwa wata manhaja ko an ƙara kalma, ɓarnar za ta fito fili.

Haka baka biyu suke. Kibod ɗin da aka buɗe baka da shi, da shi za a rufe. In aka buɗe da na Larabci aka rufe da na boko, sai bakan biyu su fuskanci gefe guda, ko ɗaya ya yi tsalle zuwa wani wuri. Idan rubutun kwafo shi aka yi daga waje kuma alamar ta ƙi zama, akwai ɓoyayyen harafi da ake kira Right-to-Left Mark. Ana samun sa a Insert, Symbol, More Symbols, Special Characters. Ba ya fitowa a takarda, amma kwamfuta tana ɗaukarsa kamar harafin Larabci, sai alamar da ke kusa da shi ta bi dama zuwa hagu.

Lambobi

Ko a cikin Larabci, lamba daga hagu ake jera ta: 2025 tana nan 2025, ko ٢٠٢٥, ba a juya ta. Matsala tana zuwa ne idan akwai sarari a tsakani. Lambar rajista 123 456 789, idan aka buga sararinta da kibod ɗin Larabci, za ta zama gungu uku da aka jera daga dama, mai karatu ya ga 789 456 123. Wannan kuskure ne mai tsada a lambar waya ko ta asusu. A buga lambar gaba ɗaya, har da sararinta, da kibod ɗin boko, ko a cire sararin, sannan a gwada ta da asalin.

Siffar lambobi kuwa ana zaɓar ta a File, Options, Advanced, ƙarƙashin Show document content, a gurbin Numeral. A kula da sunayen, domin suna ruɗarwa. Arabic yana nufin 1 2 3, Hindi kuma shi ne ١ ٢ ٣. Context yana duba rubutun da ke kewaye: a cikin Larabci ya nuna ١ ٢ ٣, a cikin boko 1 2 3, kuma shi ya fi dacewa da takarda mai harsuna biyu. Wannan zaɓi na manhajar da ke kwamfutarka ne, ba ya tafiya da fayil. Wanda ka aika wa zai iya buɗewa ya ga wata siffa dabam, don haka takardar da aka gama a mayar da ita PDF kafin aikawa.

Jerin sharuɗɗa a yi shi da maɓallin Numbering, kada a buga lambobin da hannu. Idan sakin layin ya juya, lambar tana komawa dama da kanta, ayarta a hagunta. In aka ga lamba a hagu rubutu a dama, jingina aka yi, ba juyi ba. Ga mai son jeri da haruffa, Word tana da tsari biyu: أ ب ت ث na jerin haruffa, da أ ب ج د na abajada, wanda aka fi sabawa da shi wajen lissafa sharuɗɗa. A tsaya a kan ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Harafin ج shi ne na uku a abajada amma na biyar a ɗayan, don haka idan wani wuri ya ce a duba sharaɗin ج, cakuɗa tsarin zai kai mutum ga sharaɗin da ba shi ake nufi ba.

Jadawali da shafi

Juya sakin layi yana gyara rubutun cikin gidajen jadawali, amma jerin gidajen yana nan yadda yake, gidan lamba a hagu. Danna-dama a kan jadawalin, shiga Table Properties, ka sa Table direction a Right-to-left, gidan farko zai koma dama. Ga shafin da aka raba gida biyu a tsaye, shiga Page Setup, ɓangaren Layout, ka sa Section direction a Right-to-left don karatu ya fara daga rabin dama. In za a ɗinke takardar, gefen dama ne ke buƙatar ƙarin fili, tunda ta can littafin Larabci yake haɗe.

Aikin gwaji

Buga layin PDF na sama sau biyu, na farko da ayar kibod ɗin boko, na biyu da ta Larabci, ka nuna wa malami inda kowace ta zauna. Sannan ka yi jeri mai sharuɗɗa huɗu da tsarin abajada, da jadawali mai gida uku wanda gidan lambarsa ke dama. Kafin ka miƙa aikin, danna Ctrl+Shift+8 ka tabbatar kowace ¶ tana hagun layinta.